Lissafin Daƙiƙa Ne Ke Raba Gardama a Ƙofar Taro

JOS: Mai shirya taron 'yan kasuwa a Jos ya kamata ya fara da lissafi kafin ya zaɓi hanyar tantance baƙi. A ce mutum 600 za su shiga cikin awa ɗaya. Idan rubuta suna da sa hannu a rajista na cin daƙiƙa 40, tebur ɗaya mutum 90 kacal zai sallama, sai an kafa tebur bakwai ke nan.

Lambar QR, wadda aka ƙirƙiro a Japan a 1994, ta fi sauri. Idan duba ta na cin daƙiƙa shida, ma'aikaci ɗaya zai sallami mutum 600, amma babu sararin tangarɗa, don haka a sa biyu. Wajibi ne a sauke jerin sunaye cikin waya tun da wuri, domin sabis kan yi rauni inda jama'a suka taru.

Neman suna a kwamfuta kuwa, a Jos ya fi ba da wahala, inda masu suna Pam, Gyang da Muhammad suke da yawa, kuma kowa da yadda yake rubuta nasa. Gara a nema da lambar waya, a keɓe wannan teburin gefe domin wanda cajin wayarsa ya ƙare.