Kafin a zargi mariƙi, a auna tazarar ramukan kabad

Da zarar biki ya ƙarato ko Sallah ta matso, shagunan kafintoci a Wudil sai su cika da tsofaffin kabad, durowa da madubi. Tsadar sabon kayan ɗaki ta sa gidaje da yawa sun koma gyaran na da: a goge, a sake fenti, a canza mariƙai. A wajen canza mariƙan ne ake yawan samun saɓani. Maigida ya biya kuɗin mota ya je Kano, tafiyar kimanin kilomita 40, ya shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya sayo dozin guda masu ƙyalli, ya dawo gida, sukuru ɗaya ya shiga, ɗayan ya tsaya a kan katako. Daga nan sai magana ta tashi: kayan yanzu jabu ne, kamfanoni sun sauya awo da gangan don a riƙa jefar da tsohon kaya, ko kuma ɗan kasuwa ya yi ha'inci.

Akwai mariƙai marasa ƙwari a kasuwa, babu musu. Amma rashin ƙwari daban, rashin shiga rami daban. Mariƙin da ya ƙi shiga yawanci lafiyarsa ƙalau. Abin da aka auna ne ba shi ya kamata a auna ba.

Mafi yawan mutane tsawon mariƙi suke aunawa, daga wannan baki zuwa wancan, su tafi kasuwa da lambar a ka. Kabad kuwa babu ruwanta da tsawon mariƙi. Abin da ke jikinta ramuka biyu ne, kuma tazarar da ke tsakanin tsakiyar rami na farko da tsakiyar na biyu ita kaɗai ce take yanke hukunci. Manomi ya san wannan tun fil azal: idan zai faɗi tazarar shukarsa, daga gindi zuwa gindi yake aunawa, domin ganye yana iya yin faɗi ko ya tsuke, gindi kuwa yana nan inda aka binne iri. Mariƙai biyu suna iya zama da tazarar rami ɗaya, milimita 96, amma ɗaya mai lanƙwasa ne da tsawonsa bai wuce 110 ba, ɗayan kuma sandar ƙarfe ce da ta kai 150. Dukansu za su zauna a rami ɗaya. Haka nan wasu biyun tsawonsu ya zo daidai, amma ƙafafunsu ba a wuri ɗaya suke ba. Saboda haka idan mai shago ya ce, “Alhaji, inci nawa kake so?” amsar ba ta cika ba sai an san ko tsawo yake nufi ko tazarar rami.

Awo biyu ne suke zaune tare a kasuwarmu, kuma nan ne tushen zargin cewa an sauya awo. Najeriya ta koma awon mita tun shekarun 1970, amma har gobe kafinta da inci yake yanka katako. Tsofaffin mariƙai da yawa a kan inci aka ƙera su: inci 3, inci 3 da rabi, inci 4, inci 5. Tun da inci ɗaya milimita 25.4 ne, waɗannan sun zama 76.2, da 88.9, da 101.6, da 127. Mariƙan da suka cika kasuwa yanzu kuwa mafi yawansu suna bin tsarin da masana'antun kayan ɗaki na Turai suka ɗauka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda ake huda katako da tazarar milimita 32 ko ninkinta. Shi ya sa lambobin da ke jikin leda suke maimaita kansu: 64, 96, 128, 160, 192. Wanda ya jera layukan biyu zai ga inci 5 da 128 sun kusa haɗuwa, amma inci 3 ya faɗa tsakanin 64 da 96, bai kusanci ko ɗaya ba. Babu wata maƙarƙashiya a ciki. Tsari biyu ne, kowanne da lissafinsa.

To, yaya ake aunawa? Da farko a kwance mariƙi ɗaya, domin ba a ganin rami yana rufe. Sukurun yana ciki, ta bayan ƙofa ko ta cikin aljihun durowa. Tsakiyar rami fanko ce, ido ba ya iya tsayar da ita daidai, don haka kada a wahalar da kai wajen nemanta. A ɗora rula a gefen hagu na rami na farko, a karanta lambar da ta faɗa a gefen hagu na rami na biyu. Muddin ramukan girmansu ɗaya, hagu zuwa hagu daidai yake da tsakiya zuwa tsakiya. Wanda ya auna daga waje zuwa waje ya ƙara faɗin rami guda, wanda ya auna daga ciki zuwa ciki ya rage shi, kuma faɗin ramin nan, wajen milimita 5, ya isa ya mai da inci 4 ya zama kamar 96 a idon mai awo. Rular ƙarfe ta fi tef a wannan aiki, domin ƙugiyar bakin tef tana motsi, ga shi ta tsohon tef ta kan lanƙwashe. Idan tef kaɗai ake da shi, a fara daga santimita 10, a cire 10 daga abin da aka karanta. A rubuta da milimita. Zare, tsinke ko hoton waya ba awo ba ne.

Mu ɗauki misalin kabad irin ta iyayenmu, mai ƙofa biyu da aljihu huɗu. An kwance mariƙin aljihu na sama, an ga bakin ramukan ya ci saboda shekaru ana ja, ba su da gefe mai kyau. A irin wannan hali sai a yi awo biyu. Waje zuwa waje ya ba da 82, ciki zuwa ciki ya ba da 70. A haɗa, 152, a raba biyu, 76. Wato mariƙin inci 3 ne. Za a iya tabbatarwa ta juya tsohon mariƙin a auna ramukan ƙafafunsa, domin ƙarfe ba ya cinyewa kamar katako. Da mai kabad ɗin nan tsawo ya auna, da ya samu wajen santimita 10 ko 11, ya ce inci huɗu, a miƙo masa mai 96, ya dawo da abin da ya zarce raminsa da milimita 20. A ƙofofin kuma an auna an samu 127. Kabad ɗaya ke nan da awo biyu, kuma wannan ba baƙon abu ba ne. Idan kafintan gida ne ya huda da ido, aljihu huɗun ma kowanne yana iya bambanta da ɗan'uwansa da milimita ɗaya ko biyu, don haka kowanne a auna shi.

Tambayar da ta rage ita ce, bambancin nawa rami yake iya haƙuri da shi? Sukurun mariƙin zamani, wanda ake rubuta wa M4, kaurinsa milimita 4 ne, ramin kuma galibi 5. Kowane sukuru yana da sararin rabin milimita ta kowane gefe, biyun suka haɗu suka ba da milimita ɗaya. Wannan shi ne iyakar rangwamen. Saboda haka mai 128 zai zauna a ƙofofin nan masu 127, ko da sai an ɗan goga bakin rami. Amma mai 96 ba zai zauna a 101.6 ba, balle a 76. Alamar an matsa wa abu ita ce sukuru ya shiga a karkace, ya yi tauri tun zagaye biyu ko uku. Wanda ya ci gaba da murɗawa zai cinye zaren da ke cikin ƙafar mariƙin, musamman na ƙarfe mai taushi, bayan 'yan makonni ya fara girgiɗi, sannan a ce jabu ne.

Ga aljihunan nan masu 76, mafi sauƙi a nemi mariƙin inci 3, ko mai faranti a bayansa da zai rufe tsofaffin ramuka. Idan dole sai an huda, dabarar da aka saba ita ce a bar rami ɗaya, a toshe ɗayan, a huda sabo. A jikin ƙofa, inda mariƙi yake tsaye, wannan ba ya nunawa. A aljihu kuwa mariƙin zai goce daga tsakiya da rabin bambancin, milimita 10 ke nan idan an tashi daga 76 zuwa 96, kuma ido yana kama shi daga bakin ƙofar ɗaki. Gara a toshe duka biyun da guntun katako da gam, a bari ya bushe, a fitar da tsakiyar aljihun, a auna 48 hagu, 48 dama. Garin katako da gam yana rufe rami don kyan gani, amma ba ya riƙe sukuru. Kuma kada a huda sabon rami manne da tsoho a katakon MDF ko na dusar katako, domin ɗan bangon da ke tsakaninsu zai ɓare da ja na farko.

Sukuru ma yana da nasa awo. Ƙofa mai kaurin milimita 18 tana son sukuru mai tsawon 22 zuwa 25. Aljihun da aka ninka wa fuska yana son mai 40 ko fiye. Wanda ya yi tsawo zai tokare ciki ya bar mariƙi yana lilo, wanda ya gaza zai kama zare biyu kawai ya saki. Zaren tsohon sukurun inci kuma ba lallai ya dace da sabon mariƙi ba ko da kaurinsu ya yi kama, don haka kowane mariƙi a ɗaure shi da irin nasa.

Ina ganin 'yan kasuwa suna da nasu kason a wannan asara. A shaguna da yawa ana yage leda a zube mariƙai a kwali ɗaya, lambar da kamfani ya buga ta tafi shara, sannan idan mutum ya dawo da kaya a ce masa ba a mayarwa. Guntun allo guda da aka huda wa ramuka masu tazarar 64, 76, 96, 102 da 128, aka rataye a bakin shago, zai kashe yawancin wannan gardama. Kafin a kai ga haka, mai saye ya kare kuɗinsa da kansa: ya ɗora takarda mai kauri a kan ramukan ya huda ta da fensir, ya rubuta lambar da kaurin katakon a jikinta, ya sa tsohon mariƙi da sukurunsa a aljihu. A shago ya ɗora sabon a kan takardar, idan ƙafafun biyu suka faɗa kan hujin biyu, sannan ya biya.