Yadda Ake Yi wa Manhajar Hira Jarrabawa

Manhajar hira ita ce wadda mutum ke rubuta wa tambaya da harshen yau da kullum, ita kuma ta mayar masa da amsa kamar da mutum yake magana. Bankuna da asibitoci da kamfanonin waya suna sa irinta a gaban jama'a, kuma kafin a sake ta dole a san ko amsoshinta abin dogaro ne. Zama a yi hira da ita na ɗan lokaci ba ya nuna haka, domin irin waɗannan manhajoji suna da daɗin baki, kuma amsar da aka tsara da kyau tana iya ɓoye kuskure mai hatsari. Shi ya sa masu wannan aiki suke tanadar abubuwa biyu tun kafin gwaji: kundin tambayoyi da ba ya canzawa, da jadawalin ba da maki wanda ya fayyace abin da amsa mai kyau za ta ƙunsa. Duk malamin da ya taɓa gyaran takardun WAEC ya san tsarin, domin ba a barin mai gyara ya bi son ransa, takardar da ta faɗi makin kowace gaɓa ake ba shi.

Kundin tambayoyin shi ne matakin farko. Mafi ingancinsa shi ne wanda aka tsamo daga abin da mutane suke tambaya da gaske, bayan an goge sunaye da lambobin waya da duk abin da zai tona asirin mai tambaya. Idan injiniyoyin da suka gina manhajar ne suka zauna suka ƙirƙiro tambayoyin, sukan rubuta su tsaf-tsaf, irin waɗanda manhajar ta riga ta iya. Uwar da ɗanta ke zawo cikin dare ba haka take rubutu ba. Tana iya rubuta kalmomi biyar, ba waƙafi, ba ƙugiya a kan haruffa, wata ta ce zawo, wata ta ce gudawa, wata ta cusa Turanci ko Faransanci a tsakiya. Kundin da aka fassaro kai tsaye daga Turanci ba ya kama wannan, don haka makin da aka samu da shi yakan fi gaskiyar lamari kyau.

Ana raba tambayoyin gida-gida: masu sauƙi da ake yi kullum, masu harshen damo da ke buƙatar manhajar ta nemi ƙarin bayani, da waɗanda amsarsu ta gari ita ce a tura mutum wurin ƙwararre. Ana kuma sa hira mai zagaye fiye da ɗaya. Wani sanannen kundi mai suna MT-Bench, wanda masu bincike na ƙungiyar LMSYS suka fitar a 2023, yana da tambayoyi 80 a fannoni 8, har da lissafi da rubutu da tsara manhaja, kuma kowace tambaya tana da ta biyu da ke bin bayanta. Dalili shi ne manhaja tana iya amsa ta farko da kyau sannan ta manta abin da aka faɗa mata idan hirar ta ci gaba.

Jadawalin makin ne ya fi cin lokaci, kuma a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce wa mai dubawa ya ba amsa maki daga 1 zuwa 10. Matsalarta ita ce bakwai ɗin wani biyar ce a wurin wani. Hanyar da ta fi ƙarfi ita ce a farfasa amsar kirki zuwa ƙananan sharuɗɗa, kowanne a amsa shi da e ko a'a, kowanne da nauyinsa. Haka aka gina HealthBench, kundin da kamfanin OpenAI ya fitar a 2025 don tambayoyin lafiya: hirarraki 5,000, da likitoci 262 da suka rubuta sharuɗɗa fiye da 48,000, kowace hira da nata jadawalin. Wasu sharuɗɗan na ƙarin maki ne, wasu kuma na ragi.

Misali zai fi bayyana yadda abin yake. A ɗauka tambayar ita ce ta uwar da ta ce ɗanta yana zawo tun jiya, me za ta yi. Likitan yara da ke rubuta jadawalin zai iya bin shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ya tsara shi haka. Idan amsar ta faɗi alamun da ke wajabta garzayawa asibiti, kamar yaro ya kasa shan komai, ko jikinsa ya saki, ko a ga jini a bayan gidansa, maki 10. Idan ta ce a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda mai alamar ORS, maki 8. Ambaton ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14 maki 5, tambayar shekarun yaron maki 4, cewa a ci gaba da ba shi nono da abinci maki 3. Jimillar abin da za a iya samu 30 ke nan. Sai sharaɗin ragi guda: idan amsar ta ce a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da ma'aikacin lafiya ya ga yaron ba, a cire maki 8.

To a ce an gwada manhajoji biyu. Ta farko ta rubuto doguwar amsa mai tausasa zuciya, ta ambaci ruwan gishiri da sukari, da zink, da shayarwa, ta haɗa maki 16. Amma ba ta faɗi alamun hatsari ba, kuma a ƙarshe ta ba da sunan wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. An cire 8, saura 8 cikin 30, kusan kashi 27 cikin ɗari. Ta biyu layi huɗu kacal ta rubuta: ta tambayi shekarun yaron, ta ce a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, ta lissafa alamun da za su sa a tafi asibiti nan take. Makinta 22 cikin 30, kusan kashi 73. Da za a miƙa wa wanda ba likita ba amsoshin biyu ya zaɓa da ido, da wuya bai ɗauki ta farko ba.

Nauyin da aka ba kowane sharaɗi hukunci ne na mutum, kuma wani likitan zai iya ganin ragin maki 8 ya yi kaɗan. Shi ya sa a ayyukan da suka shafi rai ko dukiya ake ware wasu kurakurai a ce duk amsar da ta yi ɗaya daga cikinsu ta faɗi gaba ɗaya, komai yawan makinta, a kuma ƙirga su daban. In ba haka ba matsakaicin maki yana iya haɗiye su. Manhajar da ta ci kashi 90 amma ta ba da shawara mai kisa sau uku cikin ɗari ba ta isa a sake ta ba.

Bayan rubuta jadawali sai a gwada shi kansa. Ana ba mutum biyu amsoshi iri ɗaya su duba, ba tare da sun ga na juna ba, ba kuma tare da sanin wace manhaja ce ta rubuta wace amsa ba. A ce cikin amsoshi 100 dukansu sun ce 80 sun cika wani sharaɗi, dukansu sun ce 5 ba su cika ba, sun saɓa a kan 15, inda na farko shi kaɗai ya amince da 10, na biyu shi kaɗai ya amince da 5. Sun dace a kashi 85, abin da a ido ya yi kyau. Sai dai na farko yana cewa e sau 90, na biyu sau 85, don haka ko da ka suke yi za su dace a kusan kashi 78. Ma'aunin da Jacob Cohen ya gabatar a 1960, wanda ake kira kafa ta Cohen, yana cire wannan dacen na sa'a: a raba 7 ɗin da suka ɗara da 22 ɗin da ya rage, a sami kusan 0.32, alhali cikakkiyar yarjejeniya 1 ce. Wannan rauni ne, kuma galibi laifin jadawalin ne. Sharaɗi irin “amsar ta nuna kulawa” kowa da yadda zai fahimce shi. Maganinsa shi ne a zauna a kan amsoshi 15 ɗin nan, a sake rubuta sharaɗin har ya zama abin da za a iya nunawa da yatsa a cikin amsar.

Biyan likitoci su duba dubban amsoshi duk lokacin da aka taɓa manhajar yana da tsada, don haka yanzu akan sa wata manhajar ta yi alƙalanci da jadawalin a hannunta. Masu MT-Bench sun yi haka da GPT-4, suka samu hukuncinsa ya dace da na mutane fiye da kashi 80 cikin ɗari, kwatankwacin yadda mutane ke dacewa da junansu. Amma sun kuma nuna son kai iri-iri a tattare da irin wannan alƙali: yakan karkata ga amsar da aka fara gabatar masa, yakan fifita doguwa, kuma akwai alamun yana fifita wadda shi ya rubuta. Ana rage na farkon da sauya wa amsoshin wuri a sake tambaya, a karɓi hukuncin kawai idan bai canza ba. Ga harshen da rubutunsa bai da yawa a intanet kamar Hausa, hankali ya fi kwanciya idan masu harshen suka duba wani kaso da hannu aka auna alƙalin da su tukuna.

Karanta sakamakon ma yana buƙatar natsuwa. Idan tambayoyin 100 ne kuma manhaja ta ci 80, lissafi ya nuna ainihin ƙarfinta yana iya kasancewa ko'ina tsakanin kusan 72 da 88. Saboda haka wadda ta ci 83 ba a ce ta fi mai 80 ba. Don a rage wannan tazara da rabi sai an ninka tambayoyin sau huɗu. Ga shi kuma manhajar ba lallai ta ba da amsa iri ɗaya ba idan aka maimaita mata tambaya, shi ya sa ake yin gwajin sau da yawa a ɗauki matsakaici, a kuma duba mafi munin abin da ta faɗa.

Akwai kuma matsalar fitar tambayoyi. Manhajojin nan daga rubuce-rubucen intanet suke koyo, kuma kundin da aka wallafa a fili yana iya shiga cikin abin da aka horar da su da shi. Ana gane haka idan aka sauya lafazin tambayar ko alƙalumanta sai makin ya zube. Irin wannan yana faruwa a cikin gida ma: idan injiniyoyi suna ta gyara manhaja suna kallon tambayoyi ɗaya, a hankali za ta ƙware a kansu su kaɗai. Don haka ake raba kundin biyu, kaso ɗaya na aikin yau da kullum, ɗayan a kulle sai ranar yanke hukunci, kuma duk kuskuren da aka gano bayan manhajar ta shiga hannun jama'a ana mayar da shi sabuwar tambaya, a rubuta masa nasa sharuɗɗan.