Idan Gefen Goshi Ya Fara Ja Da Baya: Askin Da Ya Dace Da Kai

Sanƙon gado yakan fara ne daga kusurwoyin goshi biyu, gashin wurin ya riƙa sirancewa yana ja da baya har layin gaba ya yi kama da harafin M. Sinadarin jiki da ake kira DHT ne ke ƙanƙantar da tushen gashin ga wanda ya gaji hakan. Gashin ƙeya da na saman kunne ba su cika jin wannan sinadari ba, shi ya sa suke nan da kaurinsu. A nan matsalar take: abin da ido ke fara kamawa shi ne bambanci tsakanin wuri mai duhun suma da wurin da fata ta bayyana. Aikin aski mai kyau shi ne rage wannan bambanci.

Mu ɗauki magidanci mai shekara talatin da biyar, mai gashi irin namu mai murɗewa, wanda kusurwoyinsa suka shiga ciki kamar faɗin yatsa biyu. Ya saba barin suma daidai wa daida da lamba 4 ta kilifa, wato kimanin milimita 13. A wannan tsawo gefen kansa ya yi baƙi ƙirin, kusurwoyin kuwa suna ƙyalli, har a hango su daga nesa. Abin da ya kamata mai aski ya yi shi ne ya sauke gefe da ƙeya zuwa lamba 1, milimita 3, ya bar sama a lamba 2, milimita 6, sannan ya saje tsakaninsu a hankali har ba a ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Da zarar fata ta ɗan bayyana a gefe, kusurwar ta daina zama bare. Idan gashin sama ma ya fara sirancewa, sai a ƙara saukewa, domin siririn gashi in ya yi tsawo rarrabuwa yake yi ya tona fatar.

Babbar ɓarna a wajen gyaran fuska ake yin ta. Mai aski yana son layi miƙaƙƙe mai kusurwa, to gashin kusurwar babu shi, sai ya ci na tsakiya domin ya daidaita. Haka za a yi ta yi duk mako biyu, goshi na ƙara faɗi. Alamar an ci maka layi ita ce bayan kwana uku ko huɗu ka ga tsiron gashi ya fito a ƙasan inda reza ta bi. Ka gaya wa mai askinka tun kafin ya kunna kilifa: “Kada ka taɓa layin gaba, ka bi shi yadda yake, ka share ’yan tsirarun da suka fita kawai.”

Tsaga ma tana da ƙa’ida. Mai sulɓin gashi da ke taje shi gefe ya fara tsagarsa daga can cikin kusurwar da ta fi shiga, domin ido ya ɗauki kusurwar a matsayin mafarin tsagar. Kada ya sauke ta kusa da kunne don ya jawo dogon gashi ya rufe wurin, iska kaɗan ta isa ta yaye shi. Mai murɗaɗɗen gashi da ake yi wa tsaga da reza shi ma daga kusurwar za a fara, a yi ta siririya kuma gajera, don mai faɗi ƙarin fili take buɗewa.

Baƙin fenti ko garin da wasu shaguna ke fesawa a zana layin ƙarya ba ya jure gumi da alwala. Kafin la’asar ya dame, ya ɓata bakin hula, washegari kuma a koma gidan jiya.

Aski yana da iyakarsa, domin ba ya tsayar da zubewar gashi. Idan tsakiyar kai ta buɗe, gashin gaba ya zama ɗan tsibiri, lokacin tal-kwabo ya yi, kuma gyararren gemu da saje suna mayar da hankalin mai kallo kan fuska. Amma idan gashin yana zubewa ne a zagaye kamar kwabo, ko da ƙaiƙayi da ƙuraje da ɓawo, wannan ba sanƙon gado ba ne. A bar shagon aski tukuna, a nemi likitan fata.