Idan bututu ya fashe a ɗaki: kwana biyun farko ne abin lura

Gidaje da yawa a Unguwar Rimi, Malali, Kawo da Badarawa da ke Kaduna sun dogara da tankin sama, kuma bututun roba da ke kawo ruwan yakan bi ta cikin bango ko silin. Ranar da mahaɗarsa ta saki, musamman da daddare, sai a wayi gari ɗaki ya yi tafki. Yawancin mutane sukan kwashe ruwan, su goge, su mayar da kaya. Bayan mako guda sai wari ya tashi, baƙin tabo ya bayyana a gindin bango. Funfuna ce. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce kayan da aka busar cikin awa 24 zuwa 48 galibi ba sa yin ta.

Kafin a taka ruwan, a kashe wutar gidan daga babban makunni, sannan a rufe bututun daga gindin tanki. Mai gyaran famfo zai iya zuwa daga baya.

Mu ɗauki ɗaki mai mita huɗu tsawo da mita huɗu faɗi, ruwa ya kwanta santimita ɗaya kacal. Lita 160 ke nan, wato jarka takwas mai lita ashirin. Wannan shi ne mai sauƙi, bokiti da tsumma sun isa. Mai wuyar shi ne wanda ya shige ƙarƙashin leda, ya ratsa simintin daɓe, bulo kuma ya zuƙe shi zuwa sama. Don haka dole a ɗage ledar gaba ɗaya, ko da samanta ya bushe ƙayau, domin ba ta barin laima ta fita. Kafet da katifa a kai su rana, a jingine su yadda iska za ta bi ta kowane gefe. Katifar soso da ta sha ruwa har ciki, ta kwana biyu ba ta bushe ba, da wuya ta rabu da wari. Durowa da gado a janye su daga bango, a ɗora ƙafafunsu a kan bulo. Idan silin ya kumbura ko ya lotsa, a cire wurin, a bar ramin a buɗe.

Daga nan yanayin Kaduna ne zai faɗi yadda za a yi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska a bushe take, sai a buɗe tagogi da ƙofa, a sa fanka tana hura daɓe da gindin bango. A watan Agusta kuwa iskar waje ma cike take da laima. Lokacin nan a buɗe taga da tsakar rana in rana ta fito, a rufe in hadari ya haɗu da kuma dare. Mai na'urar sanyaya ɗaki ya rufe ko'ina ya kunna ta tare da fanka, domin tana tsotse laima. Ruwan da ke ɗiga a bayanta daga iskar ɗakin ya fito. Wasu idan babu wuta sukan shigar da kaskon gawayi su rufe ƙofa. A ganina wannan ganganci ne, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Janareta ma a bar shi can tsakar gida, nesa da taga.

Ido ba ya gane bushewar siminti. A yanko farar leda kamar rabin mita, a manna ta a daɓe ko a bango da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana ɗaya. Idan an ɗaga an ga raɓa, ko wurin ya fi kewayensa duhu, da sauran aiki. Bangon da ya jiƙa sosai yakan ɗauki makonni, kuma fentin da aka yi masa kafin nan zai ɓamɓare. Idan wuri ɗaya ya ƙi bushewa sam, wataƙila bututun bai daina tsiyaya a ciki ba.

Farin gari da kan fito a bango yayin bushewa galibi gishiri ne, yana narkewa a ruwa, a kankare shi kawai. Funfuna kuwa galibi baƙa ce ko kore, tana da wari. A wanke ta da sabulu, sannan a goge da bilic, abin da bai wuce kofi ɗaya ba a lita huɗu na ruwa, da safar hannu, taga a buɗe. Kada a gauraya bilic da maganin wanke masai. Mai asma da ƙananan yara su kwana a wani ɗaki har ledar gwajin ta fito a bushe.