Yadda ake juya maudu'an # a saƙonnin da aka tsara tun da wuri

Mai sayar da yadi a Instagram takan zauna ranar Lahadi ta tsara saƙonnin mako guda ko fiye, manhaja ta riƙa fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Inda gajiya ke kama ta shi ne wajen maudu'ai, wato kalmomin nan masu alamar # a gaba. Sai ta kwafi jeri ɗaya ta manna ko'ina, har hoton shadda ya fita da maudu'in leshi, ya je gaban mutanen da ba shi suke nema ba.

Maganin ba shi da wuya. A raba kayan gida uku: atamfa, leshi, shadda. Kowane gida a yi masa rukuni uku na maudu'ai, kowane rukuni kada ya wuce biyar, domin a 2021 Instagram da kanta ta ba da shawarar uku zuwa biyar. A buɗe shafi a Google Sheets mai suna Rukuni, a sa laƙabi irin atamfa1 da atamfa2 a ginshiƙin A, maudu'an kuma a B.

A shafin jadawali, ginshiƙin B ne zai ɗauki nau'in kaya. Layin farko na ƙasa a sa shi a C2, na biyu a D2, sannan a ja su ƙasa:

```
=MOD(COUNTIF($B$2:B2,B2)-1,3)+1
=VLOOKUP(B2&C2,Rukuni!A:B,2,FALSE)
```

Na farko yana ƙirga sau nawa wannan nau'in ya fito zuwa yanzu, ya mai da lissafin 1, 2, 3, ya sake komawa 1. Na biyu shi ke ɗauko maudu'an. Abin da ya fito a D shi za a haɗa da rubutun saƙo a kai manhajar tsarawa.

A nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Idan aka ƙirga layuka maimakon nau'in kaya, alhali atamfa na zuwa a saƙo na 1, na 4 da na 7, to kullum rukuni na ɗaya za ta samu. Ana ganin lambobi na juyawa, amma atamfa1 ce ke ta fita, atamfa2 ko sau ɗaya ba ta leƙa waje ba. Gane wannan abu ne mai sauƙi: a tace jadawalin a bar atamfa kaɗai. In ba a ga 1, 2, 3 a jere ba, akwai gyara.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin abin lura. Alamar ɗauri tana yanke maudu'i, #sana'a yakan tsaya a #sana. Haka kuma #ɗinki da #dinki maudu'ai ne daban-daban, don haka a duba wanda masu saye suka fi amfani da shi kafin a sa shi a rukuni.

Kada a yi saurin yanke wa rukuni hukunci da saƙo ɗaya, domin kyan hoto da lokacin fitarsa su ma suna da tasiri. A bari kowane rukuni ya zagayo sau da dama, sannan a canza wanda ya fi rauni shi kaɗai, a bar sauran yadda suke.