Abin da Ake Dubawa Kafin a Biya Kuɗin Gida

Gidan da aka sa a kasuwa yakan sha sabon fenti, shi ya sa ba a dogara da kallon farko. Lokacin da ya fi dacewa a duba shi shi ne tsakiyar damina, musamman watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, domin a ranar gida ba ya iya ɓoye aibinsa. Mai saye kan tafi da nasa maginin da mai wayarin da mai gyaran famfo, ba waɗanda dillali ya kawo ba.

Daga bango ake farawa. Tsaga siririya kamar gashi da ta bazu a fuskar filasta ba abin damuwa ba ce, bushewar siminti ke kawo ta. Wadda ake tsoro ita ce mai tashi daga kusurwar taga ko ƙofa a karkace, tana bin layin bulo hawa-hawa, ga faɗin da tsinken ashana zai shiga, kuma ana ganinta ciki da waje a wuri guda. Irin wannan na nuna harsashin ginin yana zama ta gefe ɗaya. Ƙofar da ke cijewa a sama da tayil ɗin ƙasa da ya fashe a jere suna ƙara tabbatar da haka. An fi samun matsalar a gidajen da aka gina bisa tsohon kududdufi ko bola da aka cike, da kuma kan baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Idan da shakka, sai a toshe tsagar da ɗan siminti a dawo bayan makonni. In ta sake buɗewa, ginin bai daina motsi ba. Daga nan a buɗe silin a haska tocila: hasken rana ta kwano alamar huda ce, katakon da wuƙa ta nutse a cikinsa kuwa gara ta riga ta cinye shi.

Danshi ya fi komai buƙatar natsuwa, domin iri uku ne kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba. A ɗauki ɗakin da fentinsa ke kumbura yana zuba. Idan ɓarnar ta kewaye ɗakin daga ƙasa zuwa wajen mita 1, da farin gari kamar kanwa a jikin bangon, to ruwa ne ke hawowa daga ƙasa saboda ba a sa ledar tare danshi ba lokacin gini, ko kuma an cike tsakar gida har ta fi daɓen ɗaki tudu. Wannan shi ne mai wuyar magani. Idan tabon a bango ɗaya yake, kuma banɗaki ne a bayansa, bututu ne ke yoyo a ciki, gyaransa ɗan fashi ne kawai. Idan kuwa daga sama ya gangaro, laifin rufi ne. Tayil da aka manna a bangon falo iya ƙugu, ko kabad da aka jingina a inda bai dace ba, sun isa a tambayi dalili. Ɗakin da aka kulle kwana biyu warinsa kan faɗi gaskiya.

A wajen lantarki, mai wayarin zai cire soket ɗaya ko biyu ya ga kaurin wayar. Ka'ida ita ce waya mai milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ko sama ga na'urar sanyaya ɗaki da ta dumama ruwa. Baƙin tabo a bakin soket da ƙaurin roba alamar waya na zafi ne. A tabbatar akwai wayar da aka binne a ƙasa don kare mutane daga jan wuta, a kuma nemi takardar biyan kuɗin wuta ta ƙarshe, domin tsohon bashi kan bi gidan ya hau kan sabon mai shi.

Famfo kuwa sai a cika tanki, a rufe ko'ina, a duba bayan awanni ko ruwan ya ragu. Sannan a kora ruwa a kowane banɗaki. Wanda ke tafiya da ƙyar yana nuna toshewa ko cikar sokawe. Rijiyar da ke ƙasa da mita 15 daga masai, na gidan ko na maƙwabci, ba a shan ruwanta.

A ƙarshe a zaga unguwar da ƙafa. Gidan da titi ya fi shi tudu, ko wanda aka yi wa dakali mai tsawo a bakin ƙofa, ya san ambaliya, kuma layin laka a katangun maƙwabta na nuna iya inda ruwa ke kaiwa. A lura da babbar wayar lantarki a saman rufi, da inda kwatar gidan ke zuba. Mai unguwa da tsofaffin maƙwabta sun san abin da ke wurin kafin a yi ginin, don haka a ji ta bakinsu kafin a ba da kafin alƙalami.