Hatimin da ke kan kowane imel: yadda ake ƙirƙirar mabuɗin DKIM a wallafa shi

A watan Disamba na 2011, wani masanin lissafi ɗan Amurka mai suna Zachary Harris ya samu imel daga Google ana yi masa tayin aiki. Da ya ga abin ya zo ba zato, sai ya buɗe bayanan da ke saman saƙon don ya tabbatar ba 'yan damfara ba ne. Saƙon na gaske ne, amma ya lura da wani abu: mabuɗin da Google ke sa wa saƙonninsa hannu da shi gajere ne, bit 512 kacal. Harris ya fasa shi, ya aika wa Larry Page da Sergey Brin saƙo, kowane da sunan ɗan uwansa. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya koma mabuɗi mai bit 2048. Mujallar Wired ce ta fitar da labarin a 2012.

Tsarin da ake magana a kansa shi ne DKIM, wanda aka fara tsara ƙa'idarsa a 2007, aka sabunta ta a 2011. Aikinsa kamar na hatimin ofis ne a kan takarda: wanda ya karɓa yana iya gwada shi da samfurin da ofishin ya bayyana wa kowa. Ana ƙirƙirar mabuɗai biyu a lokaci guda. Na sirri yana zama a sabar da ke tura imel, da shi ake sa wa kowane saƙo hannu. Na fili kuma ana ajiye shi a DNS, wato rajistar sunaye ta intanet, inda Gmail ko Yahoo za su ɗauko shi su tantance. Tun Fabrairu 2024 kamfanonin biyu suka wajabta wannan ga masu tura saƙonni da yawa. A wajen Gmail, duk mai tura dubu biyar zuwa sama a rana.

A ɗauka wata makaranta ce mai domen `example.com` da sabar imel ta kanta. Abu na farko da ma'aikacinta zai yanke shi ne tsawon mabuɗi. Ƙa'idar RFC 8301 ta 2018 ta ce kada a sa hannu da mabuɗin RSA da bai kai bit 1024 ba, ta kuma ba da shawarar 2048. Haka yawancin ma'aikata ke yi yanzu. Wani zai ce to me zai hana a haura zuwa 4096? Matsalar ita ce girma. Mabuɗin fili mai bit 2048 haruffa 392 ne idan aka rubuta shi, mai 4096 kuwa ya haura 700. Amsar DNS mai wannan nauyi takan gamu da cikas a wasu hanyoyin sadarwa, wasu kamfanonin rajista ma ba sa karɓar rubutu mai tsawo haka. Akwai kuma sabon nau'i, Ed25519, da aka amince da shi a 2018, wanda mabuɗinsa haruffa 44 ne kawai. Sai dai ba kowane mai karɓar imel ke gane shi ba, don haka masu amfani da shi sukan haɗa shi da sa hannun RSA.

Layi biyu sun isa a ƙirƙiri mabuɗan:

```
openssl genrsa -out s2025a.key 2048
openssl rsa -in s2025a.key -pubout -outform DER | openssl base64 -A
```

Layin farko ya samar da na sirri. Wannan fayil ba a tura shi ta imel ko WhatsApp, kuma manhajar sa hannu kaɗai ake ba izinin karanta shi, domin duk wanda ya same shi zai iya rubuta wasiƙa da sunan makarantar ta wuce a matsayin sahihiya. Layi na biyu ya fitar da na fili a jere ɗaya, a shirye don wallafawa.

Sunan `s2025a` ɗin nan shi ake kira selekta, kuma ma'aikacin ne ya zaɓe shi. Domen ɗaya yana iya samun mabuɗai da yawa, selekta ce ke gaya wa mai karɓa wanne zai nema. A cikin sa hannun kowane saƙo akwai `d=` mai ɗauke da domen, da `s=` mai ɗauke da selekta. Mai karɓa sai ya haɗa su ya tambayi DNS sunan `s2025a._domainkey.example.com`. Manyan kamfanoni suna da nasu sunayen: Google Workspace yana farawa da `google`, Microsoft 365 kuma da `selector1` da `selector2`.

Zaɓen suna ba ado ba ne. Wanda ya sa `default` ko `mail` zai ji daɗi yau, amma ranar canjin mabuɗi zai sha wuya. Idan ya goge tsohon ya zuba sabo a ƙarƙashin suna ɗaya, saƙonnin da ke kan hanya, waɗanda aka sa wa hannu da tsohon, za su faɗi a tantancewa, haka ma sababbi idan sabar mai karɓa tana riƙe da tsohon bayani. Suna mai shekara a jikinsa yana kawar da wannan: a wallafa `s2025b` kusa da `s2025a`, a juya sa hannu zuwa sabon, a bar tsohon kamar mako guda. Bayan nan a cire shi, ko a bar `p=` babu komai, wanda a ƙa'ida ke nufin an soke mabuɗin. Haka kuma idan makarantar tana da wani kamfani da ke tura mata sakamakon jarrabawa, gara a ba shi selekta tasa daban, don ranar rabuwa a soke nasa ba tare da taɓa na ofis ba.

Wallafawa ita ce inda aka fi yin tuntuɓe. Ana buɗe sabon bayani nau'in TXT kamar haka:

```
s2025a._domainkey IN TXT ( "v=DKIM1; k=rsa; p=MIIBIjANBg..."
                           "...IDAQAB" )
```

An raba shi gida biyu ne saboda DNS ba ya ɗaukar fiye da haruffa 255 a gutsure ɗaya. Mai karɓa zai liƙa su da kansa. Wasu shafukan rajista suna yin rabon da kansu, wasu kuma sai su yanke wutsiyar mabuɗin ba tare da gargaɗi ba. Kuskure na biyu shi ne rubuta cikakken suna a akwatin da ke ƙara domen da kansa, sai a wayi gari da `example.com` sau biyu a jere, mai nema kuma ya rasa bayanin. Na uku shi ne kwafo mabuɗin tare da layin `-----BEGIN PUBLIC KEY-----`, wanda ba shi da gurbi a nan.

Duk ukun ana gano su da tambaya ɗaya:

```
dig +short TXT s2025a._domainkey.example.com
```

Idan ba a samu amsa ba, ko dai sunan ya kauce ko bayanin bai bazu ba tukuna. Idan an samu, sai a duba ƙarshen mabuɗin: wanda aka yi da umarnin da ke sama yana ƙarewa da `IDAQAB`, rashin ganin haka alama ce an yanke shi. Sai wannan ya yi daidai ake kunna sa hannu a sabar, domin saƙon da aka sa wa hannu kafin mabuɗinsa ya bayyana ba zai tantantu ba.

Gwaji na ƙarshe shi ne a tura saƙo zuwa wani adireshin Gmail, a buɗe shi ta `Show original`, a nemi layin `Authentication-Results`. Idan ya nuna `dkim=pass` tare da domen makarantar da selektar da aka zaɓa, aiki ya kammala. Idan `dkim=fail` ne alhali bayanin DNS lafiya yake, to ko dai sabar na sa hannu da wani mabuɗin da ba abokin wanda aka wallafa ba, ko wata manhaja tana ƙara rubutu a ƙasan saƙon bayan an riga an sa masa hannu.